Mabuɗan Jimla: A Kafa Matokari, a Kuma San Ranar Cire Shi

Duk wanda ya taɓa gyaran takardun ƴan kwaleji a ƙasar Kurfai ya san wani irin sakin layi da yake maimaita kansa daga takarda zuwa takarda. Jimla ta farko ta soma da *d'abord*, ta biyu da *ensuite*, ta uku da *enfin*. Ido zai ga tsari, amma idan aka karanta sai a tarar da maganganu 3 da babu abin da ya ɗaure su, kamar awakin da aka tara a turke ɗaya ba su san juna ba. Na ga haka da yawa lokacin da na taimaka da darasin hutu a wani ƙauye kusa da Cikal. Ra'ayina shi ne mabuɗan jimla, wato guntayen kalmomin da malami yake bai wa ɗalibi ya ƙarasa, hanya ce mai kyau ta koyar da ginin sakin layi a harshe na biyu, amma bisa sharaɗi 2. Dole kowane mabuɗi ya tilasta wa yaro wani aikin tunani da ya riga ya iya da Hausa, kuma dole a sa ranar janye shi tun ranar da aka ba shi.

Asalin dabarar sananne ne. A 1976 Wood da Bruner da Ross suka yi amfani da siffar katakon da magini yake takawa wajen bayyana yadda babba yake riƙe wa yaro ɓangaren aikin da ya fi ƙarfinsa, har yaron ya iya da kansa. Daga baya David Wray da Maureen Lewis, a Ingila, suka yaɗa amfani da ƙwarangwal ɗin rubutu mai mabuɗan jimla, suka kuma jaddada cewa mataki ne tsakanin rubutun haɗin gwiwa da rubutun kai. Ni na fi son kiransa matokari, irin sandunan da ake tokare rufin kankare da su kafin ya bushe. Magini ba ya cire su da wuri, kuma ba ya barin su a tsakar ɗaki bayan an tare.

Yaron Kurfai da ya shiga kwaleji yana ɗauke da kaya 3 a lokaci guda idan aka ce ya yi rubutu da Faransanci. Zai nemo abin faɗa, zai nemo kalmomi da nahawunsu, zai kuma tsara su. Mabuɗi yana sauke masa na ukun da wani yanki na na biyun, don ya sa ƙarfinsa a kan na farkon. Matsalar *d'abord, ensuite, enfin* ita ce suna nuna jeri kawai. Halliday da Hasan, a littafinsu na 1976 kan haɗuwar matani, sun kasa mahaɗai gida 4: na ƙari, na saɓani, na dalili da na lokaci. Waɗancan 3 duk suna gidan lokaci ne, alhali sakin layi mai kare ra'ayi da mahaɗan dalili da na saɓani yake tsayuwa. Ana iya liƙa *ensuite* a gaban kowace jimla ba ta yi ƙorafi ba, shi ya sa ba ta koyar da komai.

Ga misali da na yi aiki da shi. Batun shi ne ko ya dace manomi ya sayar da hatsinsa da kaka. Babu yaron da bai ji ana wannan gardama a gida ba. Wata ɗaliba ta rubuta abin da ma'anarsa ke nan da Hausa: da farko hatsi abinci ne, sannan manoma suna sayar da hatsi a kasuwar Filinge, daga ƙarshe yunwa ba ta da kyau. Nahawunta bai yi laifi sosai ba. Amma da na sauya wa jimla ta farko da ta biyu wuri, babu abin da ya lalace. Wannan ita ce gwaji mafi sauƙi da malami zai yi. Idan jimloli suna musayar wuri ba tare da ma'ana ta rushe ba, abin da ke gabanka jeri ne, sakin layi bai ginu ba.

Sai muka ajiye Faransanci, na tambaye ta da baki. Me kike gani? Ta ce bai kamata a sayar da shi duka ba. Don me? Don da kaka hatsi yana araha, kowa ya kai kasuwa, amma kafin ruwa ya sauka ya yi tsada. Wa kika gani haka ta same shi? Ta ce wani maƙwabcinsu ya sayar da dami 10, da bazara kuɗin bai sayo masa ko rabin abin da ya fitar ba. To masu sayarwa mahaukata ne? Ta yi dariya ta ce a'a, bashi ne a kansu, ga sutura, ga rashin lafiya. To yanzu me za a yi? Ta ce a sayar da wake ko akuya tukuna, a rufe rumbu. Cikin minti 5 ta gina cikakkiyar hujja mai matsayi, dalili, misali, amsa wa mai ja, da sakamako. Ashe tsarin yana kanta tun da can, abin da ta rasa shi ne ƙofofin shigar da shi Faransanci.

A nan ne mabuɗai suka samu aikin yi. Na rubuta 5 a allo, kowanne da tambayarsa ta Hausa a gefe. *Je pense que* yana amsa "me kike gani?", *en effet* yana amsa "don me?", *par exemple* yana amsa "wa kika gani?", *certes… mais* yana amsa "me masu ja za su ce?", *donc* kuma yana amsa "to yanzu fa?". Sakin layin da ta rubuta a karo na biyu ya fi na farko kurakuran nahawu, domin ta shiga faɗin abubuwa masu wuya. Amma ba ya yarda a sauya wa jimlolinsa wuri, kuma wannan ne ci gaban. Malamin da ya ƙirga jan biro kawai zai rage mata maki a daidai lokacin da ta fara koyo.

Akwai wurin da mu masu nazarin harshe za mu fi amfani, wato inda mahaɗan harsunan 2 ba su yi daidai ba. Kalmar "don" tana ɗaukar dalili, tana kuma ɗaukar manufa. A "ya sayar da hatsi don ya biya bashi", idan "ya" ta biyu gajera ce mai karin ƙasa, manufa ake nufi, bashin bai biyu ba tukuna. Idan doguwa ce mai karin sama, dalili ne, ya riga ya biya. Kunne yana rarrabewa, rubutunmu na yau da kullum ba ya rarrabewa, Faransanci kuwa ya ware *parce que* daban da *pour* ko *pour que*. Ga kuma *donc*, wadda take kama da "don" a kunne alhali aikinta na "don haka" ne. Na sha ganin ɗalibi ya sa ta inda dalili yake nufi, sai hujjarsa ta kife, sakamako ya koma sanadi. Malamin da ya san wannan zai sa yara su faɗi jimla ɗaya ta fuska 2, "ya sayar domin bashi ya matsa masa" da "bashi ya matsa masa, don haka ya sayar", kafin ya nuna musu kalmar Faransanci ta kowace. Jerin mabuɗan da aka kwafo daga littafin da aka rubuta wa yaran da Faransanci ne harshen uwarsu ba zai hango wannan rami ba.

Masu suka suna cewa dabarar tana haifar da rubutu iri ɗaya, kowane yaro da muryar allo. Gaskiyarsu, muddin an bar matokarin a tsaye. Shawarata ita ce a raba shekarar karatu. Daga Oktoba zuwa Disamba a ba da mabuɗai da tambayoyinsu a jere, bayan an gina sakin layi ɗaya tare a allo. Daga Janairu zuwa Maris a cakuɗa su, a ƙara wa kowanne abokan ma'ana, yaro ya zaɓa ya jera da kansa. A Afrilu a goge mabuɗan a bar tambayoyin, a Mayu a goge tambayoyin ma. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ɗalibin da bai taɓa rubutu gaban allo fari ba sai a ɗakin jarrabawa, mu muka yashe shi. Alamar da za a gane yaro ya isa a janye masa ita ce ya fara ƙetare wani mabuɗi ma'ana ba ta ɓace ba, ko ya kawo dalili na biyu da ba a tanadar masa gurbi ba. Alamar an yi gaggawa kuwa ita ce ya koma jera maganganu da "kuma, kuma".

Dabarar tana da iyaka. Mabuɗi ba ya ba da kalmomi. Yaron da bai san yadda ake cewa rumbu ko bashi ko tsada da Faransanci ba zai kwafi *en effet* ya tsaya, ko ya cike gurbin da kalma ɗaya tilo. Don haka kowane darasi yana buƙatar ƴan kalmomin batun a gefen allo, waɗanda aka tsamo daga hirar bakin da aka yi. Haka nan ƙwarangwal ɗin kare ra'ayi bai dace da labari ko siffantawa ba, kowane nau'in matani da nasa. A azuzuwan yankin Filinge kuma akwai yaran Zabarmawa da Buzaye da Fulani, waɗanda ya kamata a bari su yi zagayen bakin da harshen da suka fi sakewa a cikinsa.

Tun 1973 Nijar take gwada koyarwa da harsunan gida, kuma kundin da aka ƙaddamar a Maris 2025 ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya zama harshen aiki. Ma'anar haka ita ce ana iya wayar gari yaran da Hausa ba harshen uwarsu ba ne suna buƙatar mabuɗai irin su "a ganina", "dalili kuwa", "alal misali", "ko da yake" da "saboda haka". Jera mahaɗan Hausa bisa aikinsu, da gwada su da na Zabarmanci da na Faransanci, da fitar da wuraren da za su rikita mai koyo, aikin sashenmu ne, kuma ya isa kundin digiri fiye da ɗaya. Malamin ƙauye ba shi da lokacin yin wannan bincike. Mu muna da shi, kuma takardun ƴan kwaleji da za mu fara da su suna nan jibge a kowace makaranta.