A Daina Ce Mata Mai Wabi, A Duba Jininta

A unguwanninmu, idan mace ta yi ɓari sau biyu sau uku, ko ta haifi ɗa ba rai, nan da nan sai a ce mai wabi ce, ko iska ce ta shafe ta. Sai a shiga neman rubutu da turare. Da wuya ka ji wani ya tambaya ko an ɗebi jininta a wurin awo.

Alhali ɗaya daga cikin masu yin wannan ɓarna shi ne tunjere. Ciwo ne mai ɓoyon kansa. Yakan fara da ɗan gyambo a al'aura wanda ba ya zafi, ya warke da kansa cikin 'yan makonni, mace ta ɗauka shi ke nan. Ƙwayar kuwa tana nan a jini, tana ratsa mabiyiya ta kai ga ɗan tayi. Sai cikin ya zube, ko a haifi bakwaini, ko jariri ya zo da kumburarren ciki da majina mai tsiyaya da fatar tafin hannu tana saɓulewa.

Gwajin fa? Ɗan yatsa ake sokewa, a ɗiga jini a kan ɗan tsinken gwaji, kafin minti 20 sakamako ya fito. Yanzu ma akwai tsinke ɗaya mai duba tunjere da ƙanjamau tare. Maganin allurar fenisilin ce a ɗuwawu: guda ɗaya in ciwon sabo ne, uku mako-mako in ba a san daɗewarsa ba. Amma tana da sharaɗi. Sai an yi ta aƙalla kwana 30 kafin haihuwa ake lissafin ta kare jaririn. Wadda ta bari sai wata tara ta ja ƙafa zuwa awo, ta makara.

Ga kuma maigida. In an yi wa mace allura ba a yi masa ba, da shi da abokiyar zamanta in akwai, ciwon dawowa zai yi. A nan ne maza muke noƙewa, kuma ban ga uzurinmu ba.

Ba tunjere kaɗai uwa ke sa wa jariri ba. Ƙanjamau an fi saninsa. In ba magani, jarirai 15 zuwa 45 cikin 100 ne ke ɗauka daga uwa. In tana shan maganinta kullum, abin yakan sauka ƙasa da 5, ita ma ta samu lafiyar renon ɗanta.

Ciwon hanta nau'in B kuwa tseren awoyi ne. Jariran da suka kamu lokacin haihuwa, kusan 90 cikin 100 ciwon zama yake yi a jikinsu har girma. Allurar rigakafin farko cikin awa 24 da haihuwa ake so a yi ta. Mu kuwa yawanci a gida ake haihuwa, a ce a bari sai bayan suna. Uwar da gwaji ya nuna tana ɗauke da shi, tun kafin naƙuda za a shirya inda za ta haihu da wanda zai kai jaririn asibiti a ranar, kuma in ƙwayar ta yi yawa a jininta a ɗora ta a kan magani tun tana da ciki.