"Takaicin ƙoda" da "haɗarin ƙirji": yadda ake gane binciken kimiyya na jabu ta bakin kalmominsa

A cikin wasu takardun bincike da manyan mujallun kimiyya na duniya suka buga da Ingilishi, an tarar da sunan wata cuta da babu likitan da ya taɓa jin ta: "kidney disappointment", wato takaicin ƙoda. An kuma tarar da "bosom peril", haɗarin ƙirji. Abin da ake nufi da na farko shi ne gazawar ƙoda, cutar da ke kai mutum ga wankin jini, wadda sunanta na gaskiya shi ne "kidney failure". Na biyu kuwa sankarar mama ce, "breast cancer". Ba kuskuren ɗab'i ba ne, ba kuma raunin Turanci ba ne. Sawu ne da wata manhaja ta bari, kuma tun shekarar 2021 wasu masu bincike ke bin wannan sawu suna tono takardun da bai kamata a ce an buga su ba.

Don a fahimci abin, sai a ɗauko shi da Hausa. A ce wani ya kwashe rubutun wani likita a kan hawan jini da shan inna, yana so ya sa sunansa a kai ba tare da an gane ba. Sai ya ba na'ura ta canza kowace kalma da wata mai kama da ita. Na'urar ta duba "hawa", ta ga ana hawan doki, ta rubuta "sukuwar jini". Ta duba "sha" da "inna", ta rubuta "kurɓar gwaggo". Kowace kalma ita kaɗai tana da dangantaka da ta asali, amma duk Bahaushen da ya karanta ya san ba mutum ba ne ya rubuta. Sunan cuta ba a fassara shi kalma bayan kalma, a dunƙule yake, kuma wanda ya yi shekaru yana aiki a fannin ba zai taɓa ɓata shi haka ba.

Me ya sa wani zai yi wannan? Saboda mujallu na da masu gadi. Kafin a duba takarda, ana sa ta cikin manhajar gano satar rubutu, wadda ke gwada jerin kalmominta da miliyoyin rubuce-rubucen da aka riga aka buga. Idan jimloli da yawa sun zo daidai da na wani, asiri ya tonu. To amma manhajar jerin kalmomi take gwadawa, ba ma'ana ba. Ana canza kalma ɗaya cikin kowaɗanne uku ko huɗu, sai kamannin ya ɓace. Akwai shafukan intanet na kyauta da ke wannan aiki, irin su Spinbot: ka zuba sakin layi, ka danna, ya fito maka da shi a sabuwar riga.

Mutum uku ne suka sa wa abin suna. Guillaume Cabanac na jami'ar Toulouse, Cyril Labbé na jami'ar Grenoble, duka a Faransa, da Alexander Magazinov, masanin lissafi ɗan Rasha. A watan Yuli na 2021 suka fitar da rahoto a kan abin da suka kira azabtattun kalmomi. Sun tattara jerin irin waɗannan sunaye, suka nema a cikin rumbun takardun kimiyya mai suna Dimensions, suka samu takardu sama da 860 masu ɗauke da aƙalla ɗaya. Guda 31 daga ciki a mujalla ɗaya suke, Microprocessors and Microsystems, ta kamfanin Elsevier.

Da suka tsaya a kan wannan mujalla, sai kalmomin suka kai su ga abin da ya fi kalmomin girma. A al'ada, takarda kan yi watanni a hannun masana biyu ko uku da ke tantance ta, su mai da ita ga marubuci ya gyara, ya sake aikowa. Kowace takarda na ɗauke da ranar da aka karɓe ta da ranar da aka amince da ita, don haka kowa na iya lissafa tsawon wannan jira. Masu binciken suka ga cewa daga farkon 2021, lokacin ya koma kusan kashi ɗaya cikin biyar na yadda yake a da. Sun ga takardun da ke ambaton littattafan da babu su, da waɗanda suka ɗauko hotunan wasu ba tare da faɗa ba. Yawancinsu ta ƙofar "bugu na musamman" suka shigo, inda mujalla ke miƙa ragamar tantancewa ga wani baƙon edita a kan wani maudu'i. Elsevier ya sa alamar gargaɗi a kan takardu sama da 400 na bugu na musamman guda shida.

A ganina, a nan ne nauyin maganar yake. Takarda mai cewa "hayyacin jabu" a maimakon ƙirƙirarriyar basira, kamar yadda aka samu "counterfeit consciousness" a wurin "artificial intelligence", ta bi ta hannun edita, da masu tantancewa, da masu shirya ta don bugawa. Ko dai babu wanda ya karanta ta, ko wanda ya karanta ya kau da kai. Mujallar kimiyya kuwa ba ta da wata haja da ta wuce alƙawarin cewa masana sun duba.

Akwai wata alama da ta fi sauran sauƙin gani, kuma ko ɗalibin da ke rubuta kundin digiri na biyu zai iya amfani da ita. Masana kan taƙaita dogon suna da haruffansa na farko. "Artificial neural network", wani tsarin lissafi na kwamfuta, ana taƙaita shi ANN. Manhajar sauya kalmomi ba ta san ma'anar ANN ba, sai ta bar shi yadda yake, ta canza dogon sunan zuwa "counterfeit neural organization". Yanzu haruffan farko sun zama C, N, O, amma ga ANN na nan a gefe. Duk inda taƙaitawa ta ƙi daidaita da sunan da ke gabanta, akwai dalilin tsayawa. Mataki na gaba shi ne a mai da kalmomin yadda ya kamata su kasance, a nemi jimlar a intanet. Sau da yawa rubutun asali na fitowa, da sunan mai shi da shekararsa.

Cabanac ya mai da wannan aiki na kullum ta wani shafi mai suna Problematic Paper Screener, wanda ke tace takardu sama da miliyan 100 da jerin azabtattun kalmomi dubbai. Na'ura ke zaƙulowa, mutum ke dubawa, sannan a rubuta abin da aka gani a shafin PubPeer, inda marubutan ke da damar kare kansu. Dubawar mutum dole ce. Kalma ɗaya baƙuwa ba hujja ba ce. Mai yiwuwa marubucin na kawo ta ne a matsayin misali, ko fassara ce ta yi masa gardama. Biyar ko goma a takarda ɗaya kuwa wata magana ce.

Matsalar ta girmi wannan manhaja. Tun 2005 wasu ɗalibai uku na jami'ar MIT a Amurka suka ƙirƙiri SCIgen, manhajar da ke haɗa takardar kimiyyar kwamfuta mara ma'ana, don su nuna sakacin wasu tarurrukan masana, kuma wani taro ya karɓi takardar tasu. A 2014, bayan binciken Labbé, kamfanin Springer da ƙungiyar IEEE suka cire takardu sama da 120 da aka haɗa da ita. Abin da ya sauya shi ne yawa. A 2023 kaɗai an janye takardu sama da 10,000 a duniya, kuma sama da 8,000 daga mujallun Hindawi ne, waɗanda kamfanin Wiley ya saya a 2021. Bayan wannan adadi akwai kasuwa: kamfanonin ɓoye da ke ƙera takardu suna sayar da gurbin suna ga mai neman ƙarin girma.

Tun fitowar ChatGPT a ƙarshen 2022, sawun ya canza kama. Sabbin manhajoji ba sa cewa takaicin ƙoda. Turancinsu sumul yake. Abin da ke tona asiri yanzu shi ne ganganci wajen kwafa. A 2023 an samu kalmomin "Regenerate response", rubutun da ke jikin maɓallin manhajar a lokacin, a tsakiyar wata takarda ta mujallar Physica Scripta, aka janye ta. A 2024 wata takarda a mujallar Surfaces and Interfaces ta buɗe da jimlar da manhajar ke cewa ga gabatarwar da za ta iya dacewa da maudu'inka. Ita ma an janye ta. Waɗannan su ne marasa kula. Wanda ya share irin wannan jimla, sai dai a kama shi ta jerin madogararsa, domin manhajar kan ƙirƙiro sunan takarda da marubuta da shekara, a nema a rasa.

Wannan ya shafi jami'o'inmu ta fuska biyu. Malami a jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, ko André Salifou ta Damagaram, ko Djibo Hamani ta Tawa, ƙarin girmansa na bi ta hukumar CAMES mai mazauni a Wagadugu, kuma takardun da ya buga na cikin manyan abubuwan da ake dubawa. Da Faransanci ya yi karatu, mujallun da suka fi daraja kuwa da Ingilishi suke. Neman taimakon na'urar fassara ba laifi ba ne, kuma manyan kamfanonin ɗab'i sun yarda a yi amfani da irin waɗannan manhajoji don gyaran harshe, muddin an bayyana, kuma ba a sa su cikin jerin marubuta ba. Haɗarin yana wurin wanda ya ga manhajar gano sata ta nuna masa kashi mai yawa, sai ya ruga ya sa rubutunsa cikin na'urar sauya kalmomi don adadin ya sauka. Ko da aikinsa ne na gaskiya, zai fito da sawu iri ɗaya da na ɓarawo, kuma sunansa na iya bayyana a PubPeer shekaru bayan haka.

Fuska ta biyu ita ce ta masu hukunci. Akwai manhajojin da ke da'awar gane rubutun na'ura, kuma abu ne mai sauƙi kwamitin jami'a ya dogara da su. Wani bincike na jami'ar Stanford a 2023 ya gwada guda bakwai a kan rubuce-rubucen jarrabawar Ingilishi na ɗaliban da ba harshensu ba ne, sai suka ɗauki fiye da rabi a matsayin aikin na'ura, alhali mutane ne suka rubuta. Dalili shi ne wanda ya koyi harshe da girma yakan yi amfani da kalmomi masu sauƙi da jimloli masu kama da juna, abin da manhajojin ke ɗauka alamar na'ura. Kamfanin da ya ƙera ChatGPT ma ya rufe tasa manhajar ganowa a Yulin 2023 saboda yawan kuskure. Azabtacciyar kalma, da taƙaitawar da ba ta daidaita ba, da madogarar da babu ita, abubuwa ne da za a iya ajiye wa marubuci a gabansa ya ba da amsa. Kashin da wata manhaja ta fitar ba shi da abin nunawa, kuma ɗalibin Maraɗi da ya rubuta Ingilishinsa da guminsa na cikin waɗanda za ta fi saurin zargi.