Dogon hijabi a wurin aiki: a daina zargin tsawo, a duba yadi

Duk shekara idan watan Maris ya kama, hirar ɗakin malamai ɗaya ce. Wata za ta shigo tana fifita da littafin aji, wani ya ce, "Malama, ke ma dai ki rage wa hijabin nan tsawo mana." A Bawku da Yendi zafin Maris da Afrilu yakan kai digiri 40. Salaga da ke kudu kaɗan ba ta cika kai wa can ba, amma idan damina ta matso gumi ya fi damun mutum. Ni dai ra'ayina, bayan shekaru ina koyarwa da dogon hijabi, tsawo ba shi ne mai laifi ba. Yadi ne, sai kuma abin da muke jibgawa a ƙarƙashinsa.

Jiki yana sanyaya kansa ne idan zufa ta bushe a fata. Idan ba ta samu hanyar fita ba, sai dai ta yi ta kwarara, mutum yana jiƙewa amma bai ji sauƙi ba. Akasarin hijaban da ake sayarwa ɗinkakku a kasuwa na roba ne, wato foliyasta. Suna da araha, ba sa yamutsewa, ba sa neman guga, shi ya sa muke rububinsu. Amma zaren roba kusan ba ya shan ruwa, kuma idan saƙarsa ta matse iska ba ta ratsawa. Auduga mara nauyi irin boyil, ko lilin, ko biskos, suna tsotse zufa su bar ta ta bushe.

Na koyi wannan da jikina. Shekarar da na fara aiki na sayi hijabi mai sheƙi har gwiwa. A ƙarƙashinsa akwai hula mai kama kai, da riga da siket na atamfa da tela ya sa wa shafi na roba, ga kuma shimi. A ƙirji kaɗai yadi huɗu ne, biyu daga ciki roba. Kafin azahar kaina ya fara sara, kafin mako biyu ƙurajen zafi sun feso a wuya da baya. Da na gyara, ko inci ɗaya ban rage wa hijabin ba. Na sa tela ya cire shafin, ya ɗinka mini doguwar rigar auduga mai faɗi, ya yi sabon hijabi da yadin auduga wanda bai matse a haɓa ba, na kuma koma hular auduga. Huɗu suka koma biyu. Faɗin nan yana aiki, domin idan kina tafiya rigar na kaɗawa, iska ta shiga ta ƙasa ta kori mai ɗumi.

Mai shago zai iya rantse miki cewa auduga ce zalla. Roƙe shi ɗan ƙyalle daga bakin yadin, ki kai gida ki kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana ƙanƙancewa ta narke, ta bar ƙulli mai tauri da wari. A shagon kuma, ɗora yadin a bakinki ki hura, idan ba ki ji iska a tafin hannu ba, ajiye shi.

Akwai wata gaskiya da bai kamata a ɓoye ba. Yadin da ya fi shan iska sau da yawa shi ya fi nuna jiki, musamman fari idan rana ta haska ta baya ko ya jiƙe. Wannan ne ke tura 'yan uwa wajen baƙin yadi mai kauri. Sa hannunki a bayan yadin ki ɗaga shi wajen haske, idan kina ganin yatsunki, bai yi ba. Launi matsakaici, kamar ruwan toka ko ruwan ƙasa ko shuɗi, yana rufewa ba tare da kauri ba. Baƙi kuwa matsalarsa a cikin rana ce, a kan babur ko wajen taron safe. A cikin ofis nauyin yadi ya fi launi tasiri. Auduga ma tana da nata: tana yamutsewa, tana son guga, kuma a damina takan daɗe ba ta bushe ba, don haka gaurayen yadi mai rinjayen auduga ya fi daɗi a lokacin.

Abin da ya sa na damu shi ne, a Gana musulmi kusan kashi 20 cikin ɗari ne a ƙidayar 2021, kuma ba mu manta da cece-kucen 2015 kan hijabin ɗalibai da ma'aikatan jinya ba. Duk ranar da ɗayarmu ta galabaita a bakin aiki, akwai mai cewa ai hijabin ne. Kuma ga shugabannin ofis da ke zaɓa wa ma'aikata yunifom: idan an yarda da hijabi amma aka ɗaure mutum da yadin roba mai kauri don kawai launi ya zo ɗaya, an ba shi da hannun dama an karɓe da hagu. A faɗi launin, a bar mace ta zaɓi yadinta.