Rinjayen Bitcoin Ya Sauka, To Ina Kakar da Aka Yi Mana Alkawari?

Ina da wani ƙane, ɗan baffana, da yake sayar da takalma a kasuwar Ƙofar Wambai. Kwanaki na biya ta rumfarsa, ban gama zama ba ya miƙo mini waya yana nuna mini wani zane da aka turo musu a zaurensu na Telegram. Layi ne ja ya karkato ƙasa, a samansa an rubuta BTC.D. Ya ce, «Yaya, malaminmu ya ce rinjayen Bitcoin ya fara sauka, kakar altkoyin ta zo. Kuɗi za su baro Bitcoin su kwararo cikin namu.» Na tambaye shi sau nawa aka taɓa faɗa musu haka tun da ya shiga zauren. Ya yi dariya, ya ce ya daina ƙirgawa.

Da wannan malami da ire-irensa nake jayayya. Ba na cewa zanen ƙarya ne, fassarar da suke yi masa ce take cin jarin mutane.

Rinjayen Bitcoin lissafi ne na kaso. Ana ɗaukar ƙimar dukkan Bitcoin da ke yawo a hannun jama'a, a raba ta da ƙimar kasuwar kirifto gaba ɗaya. Idan kasuwar ta kai dala 100, Bitcoin ya riƙe 60, rinjayensa kashi 60 ne cikin ɗari. Iyakarsa ke nan. Duk ɗan kasuwa kuwa ya san kaso ba ya bayyana dalilin motsinsa. Idan aka ce kason 'yan gwanjo a cinikin Ƙofar Wambai ya ragu a wannan wata, hakan bai nuna masu takalma sun samu ciniki ba. Mai yiwuwa ne sun samu. Mai yiwuwa ne kuma kowa ya yi kwantai, sai dai masu robobi ba su ji jiki kamar sauran ba, ko kuma an buɗe sababbin rumfuna an shigar da su cikin lissafin.

A kasuwar kirifto akwai wani rukuni da malaman zaure ba sa son ambata, wato koyin masu bin dala irin USDT da USDC. Su ma ana ƙirga su cikin jimillar kasuwa, alhali farashinsu ba ya hawa ba ya sauka. Mu ɗauki kasuwa mai ƙimar 100: Bitcoin 60, altkoyin 30, masu bin dala 10. A yanayi na farko Bitcoin ya hau zuwa 66, altkoyin suka hau zuwa 50, masu bin dala suna nan a 10. Jimilla ta zama 126, rinjaye ya sauko zuwa kashi 52. Wannan ita ce kakar gaskiya, kuma wanda ya riƙe altkoyin ya fi mai Bitcoin riba nesa ba kusa ba. A yanayi na biyu kasuwa ta rushe: Bitcoin ya faɗo zuwa 36, altkoyin suka dawo 15, masu bin dala suka ƙaru zuwa 15. Jimilla 66 ce, rinjaye ya sauko zuwa kusan kashi 55. Layin ja ya yi ƙasa a duka yanayin biyu. A na biyun kuwa ƙanena ya yi asarar rabin jarinsa, ya ma fi mai Bitcoin asara, yana kallon zanen da aka ce masa bushara ne.

Wannan ba tatsuniya ba ce. A 2022, shekarar da Terra ta ruguje a watan Mayu, kamfanin FTX ya durƙushe a Nuwamba, rinjayen Bitcoin ya ƙare shekara a wajajen kashi 40, adadin da ya yi kusa da na Mayun 2021 lokacin da altkoyin suke ganiyarsu. Adadi kusan ɗaya, amma a 2021 ana rabon riba, a 2022 ana zaman makoki.

Dole in yi wa malaman adalci: ba daga iska suka ɗauko maganarsu ba. A farkon 2017 rinjayen Bitcoin ya haura kashi 80, zuwa Janairun 2018 ya faɗo ƙasa da 40. A Janairun 2021 yana wajajen 70, cikin wata biyar ya dawo 40. A duka lokutan biyu altkoyin sun ninka sau da yawa, wasu matasa a Kano ma sun ga kuɗin da ba su taɓa gani ba. Amma abin da ya faru sau biyu bai isa ya zama doka ba, musamman idan hanyar da kuɗin suka bi a wancan lokaci ta sauya. A 2017 yawancin ƙananan koyin da Bitcoin ake sayensu. Mutum sai ya fara mallakar Bitcoin, in ya yi riba ya juya wani ɓangare zuwa wani koyin a dandali guda, da dannawa biyu. Maganar «kuɗi suna zagayowa» tana da ma'ana a lokacin. Yau da USDT ake yawancin cinikin, kuma tun 10 ga Janairun 2024, ranar da hukumar kula da hannayen jari ta Amurka ta amince da asusun ETF masu riƙe Bitcoin kai tsaye, kuɗi masu yawa suna shiga Bitcoin ne ta hannun kamfanoni irin BlackRock da Fidelity. Mai waɗannan kuɗi hannun jari ya saya a wajen dillalinsa. Idan ya ci riba ya sayar, dala zai karɓa. Ba shi da asusu a dandalin da ake cinikin Hamster Kombat, bai ma san da shi ba. Shi ya sa rinjaye ya yi ta hawa daga wajajen 40 a ƙarshen 2022 har ya kai kusan 65 a tsakiyar 2025, shekara biyu da rabi ana ce wa mutane gobe ne.

Ga kuma yawan masu jiran rabo. A 2017 koyin da aka sani ba su wuce dubu ɗaya da ɗoriya ba. Yanzu ana ƙirƙirar su da miliyoyi. Ko da kuɗin sun zagayo, tuwon da a da mutum goma suke ci yanzu unguwa guda ce ta zauna masa. Kowane sabon koyin da ya samu shiga lissafi yana ƙara wa jimillar kasuwa ƙima, domin ana ninka farashin ciniki na ƙarshe ne da adadin da ke yawo, ko da 'yan kaɗan ne aka saya a wannan farashi. Hakan yana rage kason Bitcoin ba tare da kwabo ya fita daga cikinsa ba, ba kuma tare da tsohon koyin ɗin da ke wayarka ya motsa ba. Waɗanda suka kwana suna danna allo kafin a fito da Hamster a Satumbar 2024, da waɗanda suka riƙe Pi bayan buɗe shi a Fabrairun 2025, lokacin da ya kusa dala 3 kafin ya dawo ƙasa da dala 1 cikin makonni, sun ga yadda ƙimar kan allo take narkewa da zarar masu sayarwa sun yi layi.

Sai dai abin da ya fi damuna ba a zanen yake ba, a cikin naira yake. Mu a nan muna da wata hanya ta musamman ta yin asara ba tare da mun sani ba. Zan yi misali da Ethereum, wanda shi ne babba kuma mafi ƙarfi cikin altkoyin, don kada a ce na zaɓi gurgu.

A farkon Disambar 2021 Ethereum yana wajajen dala 4,200, Bitcoin yana wajajen 50,000, dala kuma tana kusan naira 570 a Wapa. Wanda ya zuba naira miliyan ɗaya ya samu kimanin dala 1,750, ya sayi ETH 0.42. A Afrilun 2025 Ethereum ya sauko wajajen dala 1,550, dala tana kusan naira 1,600. Ya buɗe wayarsa, ya ga naira miliyan ɗaya da 'yan kai. Sai ya ce alhamdu lillahi, uwar kuɗi tana nan. Amma a dala, 1,750 ɗinsa sun koma 650. Da kuma Bitcoin ya saya a ranar farko, da ya samu 0.035, wanda a Afrilun 2025, Bitcoin yana wajajen dala 80,000, ya kai dala 2,800, wato kusan naira miliyan huɗu da rabi. Faɗuwar naira ce ta lulluɓe masa raunin. Duk wannan labari yana rubuce a layi ɗaya da ba a turowa a zaure, ETH/BTC, wanda ya sauko daga wajajen 0.085 zuwa ƙasa da 0.02. Na san na ɗauki ƙololuwa da ƙasan rami, kuma Ethereum ya farfaɗo sosai zuwa Agustan 2025, har ya ja rinjayen Bitcoin ƙasa da 60. Amma wannan ma hujjata ce: koyin ɗaya mai nauyi ya isa ya karkatar da layin, alhali ɗaruruwan ƙanana suna kwance inda suke.

Saboda haka idan an turo maka BTC.D yana sauka, akwai tambayoyin da za ka yi kafin ka taɓa kuɗin haja. Shin farashin Bitcoin kansa yana hawa ne ko yana tsaye, ko kuwa faɗuwa yake? Saukar rinjaye tana zama alheri ga altkoyin ne galibi idan Bitcoin ya riga ya hau ya zauna. In faɗuwa yake, ƙanana sukan riga shi isa ƙasa, domin masu sayensu ba su da yawa, ciniki kaɗan yake rusa farashinsu. Sannan ka buɗe USDT.D a TradingView: in yana hawa a daidai lokacin, gudu ake yi, ba kaka ba. Daga nan ka duba TOTAL3, jimillar kasuwa ban da Bitcoin da Ethereum, kana tuna cewa masu bin dala suna cikinta. Na ƙarshe, wanda ya fi sauran, shi ne ka auna koyin ɗinka da Bitcoin, ba da naira ba.

Malamin zaure ba zai koya maka wannan ba, kuma ba lallai don jahilci ba. Da yawansu suna samun kamasho ne idan ka yi rajista ta mahaɗarsu ka yi ciniki, wasu kuma suna riƙe da koyin ɗin da suke tallatawa, suna bukatar mai saye. «Ka jira, kaka na zuwa» magana ce da ba ta da ranar ƙarewa, shi ya sa ba a taɓa kama mai yin ta da ƙarya ba.

Kafin in tashi daga rumfar na sa ƙanena ya sauya ma'aunin asusunsa daga naira zuwa BTC, muka duba koyin huɗun da yake riƙe da su tun daga ranar da ya saye su. Uku suna ƙasa da rabin inda ya same su. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce, «Yaya, ai ko takalmi ne ya yi wannan kwantan, da tuni na karyar da shi.» Wata mata ta tsaya tana taya silifas, ya ajiye wayar ya tashi.