TAYA BA DUKA TAYA BA CE

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin masu sayar da taya a garuruwanmu, wadda ya kamata mu da muka yi zaman aji mu daina amincewa da ita. In mutum ya je neman taya guda, aka rasa irin tasa, sai mai kaya ya mirgino wata ya ce, "Ranka ya daɗe, ai duk goma sha bakwai ce, za ta hau." Lalle kuwa za ta hau. Amma hawa rim daban, dacewa da sauran ukun daban. Ra'ayina shi ne, ƙaramin ma'aikacin da ya tara albashin shekaru ya sayi mota, sa'an nan ya ɗora mata tayoyi 'yan uba, kowace da sunanta da girmanta, yana cin bashi ne wanda zai biya a garejin makaniki, ko kuwa, Allah ya kiyaye, a kan kwalta.

Ba laifin masu mota ne kaɗai ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop kuma ya daina yin taya a Ikeja a 2008, kasuwa ta cika da tayoyin waje iri-iri, sababbi da 'yan gwanjo. Wanda ya sayi wata iri bana, mai yiwuwa ne baɗi ya neme ta ya rasa. To, sai dai wannan dalili ne na a ƙara sa ido.

Bari mu ɗauki misali guda mu bi shi daki-daki. Mota ce da ake yawan gani a harabar ma'aikatu, Honda CR-V ƙirar 2007 zuwa 2011, mai ja da ƙafa huɗu. Tayar da aka saba gani a kanta tana ɗauke da rubutu kamar haka: 225/65 R17. Lamba ta farko, 225, faɗin tayar ne da milimita. Ta biyu, 65, tana nufin tsayin gefen tayar kashi 65 ne cikin ɗari na faɗin nan, wato kimanin milimita 146. Ta ƙarshe, 17, ita ce faɗin rim da inci, kuma ita kaɗai mai kaya yake dubawa. In aka haɗa rim da gefen sama da na ƙasa, tsayin tayar duka ya kama milimita 724, kewayenta kuwa kamar mita 2 da santimita 28.

Yanzu a ce tayoyin gaba sun suɗe, aka je kasuwa aka samo 225/60 R17 da sauƙin kuɗi. Faɗi ɗaya, rim ɗaya, a ido ma da ƙyar a bambanta su. Amma gefen wannan milimita 135 ne, don haka tsayinta milimita 702, kewayenta ya gaza na waccan da santimita 7. Wani zai ce mene ne santimita bakwai a jikin mota? Amsa ita ce, taya ba sau ɗaya take juyawa ba. A kowace kilomita, babbar za ta juya kusan sau 440, ƙaramar kuwa sau 454. Daga Kano zuwa Kaduna, tafiyar kilomita 230 ko kusa da haka, tayoyin gaba za su fi na baya juyi fiye da dubu uku. Wannan rarar ba ta ɓacewa a iska. Dole wani abu a ƙarƙashin motar ya shanye ta.

Ga abin da yake shanye ta. Irin wannan CR-V a yawancin lokaci da ƙafafun gaba take ja. A akwatin haƙoran baya, wanda makanikai ke kira difaranshal, akwai famfon mai guda biyu: ɗaya yana bin gudun ƙafafun gaba ta hanyar farfela, ɗaya yana bin na baya. Muddin gudunsu ɗaya ne, babu abin da zai faru. Da zarar gaba ta fi baya sauri, kamar yadda yake faruwa in mota ta kafe cikin yashi ko taɓo, sai matsin mai ya tashi ya danne faifayen kuloci, ƙafafun baya su kama ja. An yi wannan dabara don aikin ɗan lokaci, a fita daga santsi a saki. Motar ba ta da idon da za ta gane cewa ƙananan tayoyi aka sa mata a gaba. Abin da ta sani kawai, gaba tana gudu fiye da baya, don haka sai ta ɗauka santsi ne wanda ba ya ƙarewa. Faifayen suna gugar juna a kan busasshiyar kwalta, mai yana zafi, yana tsufa kafin lokacinsa. Alamar farko da mai mota zai ji ita ce gurnani ko karkarwa daga baya sa'ad da ya murɗa sitiyari ƙarshe yana juyawa a hankali, kamar wajen fita daga wurin ajiye motoci. A wannan mataki sau da yawa canjin mai na ainihi da daidaita tayoyi sun isa. In aka yi kunnen uwar shegu, sai magana ta kai ga sayen akwatin gaba ɗaya, kuma kuɗinsa ya ninka rarar da aka yi a kan tayoyin sau da yawa. Araha dai ba ta ado.

Motocin da ake sa musu ƙafa huɗu da hannu, irin su Hilux, nasu ya ɗan bambanta. In an sa 4H, gaba da baya a ɗaure suke, babu faifan da zai zame. Tayoyi marasa daidaito za su riƙa ja-in-ja, ƙarfe yana murɗuwa, tayoyi suna kankaruwa a ƙasa, har wani lokaci giyar ta ƙi fita sai an ja da baya.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne, ko lambobin sun zo ɗaya ba a tsira ba tukuna. Sabuwar taya zurfin zanenta ya kai milimita 8, wadda ta kusa ƙarewa kuwa saura kamar 2. Bambancin milimita 6 sama da ƙasa ya zama 12 a tsayi, wato kusan santimita 4 a kewaye. Kamfanin Subaru, wanda kusan duk motocinsa masu ja da ƙafa huɗu ne, iyakar da aka san shi da ita ita ce kada kewayen tayoyin ya bambanta da fiye da kwatan inci, wato milimita 6 da ɗoriya. Ka ga ke nan sabuwa ɗaya a tsakiyar tsofaffi uku ta ƙetare iyakar nan nesa ba kusa ba. Haka kuma kamfanoni biyu suna iya buga lamba ɗaya a gefen taya, amma in an auna a tarar tsayinsu ya ɗan saɓa.

Na san yawancin masu karanta wannan mujalla, in Allah ya hore musu mota, Corolla ce ko Golf ko wata mai ja da gaba kawai. Su hatsarinsu ba a farfela yake ba, a riƙon hanya yake. Kowace taya da irin robarta, da taurin gefenta, da yadda zanenta yake korar ruwa. In ta dama tana kama kwalta da ƙarfi ta hagu kuwa tana sakewa, ranar da akuya ta faɗo hanya aka taka birki da gaggawa, motar za ta fizga gefe guda. A busasshiyar hanya da tafiyar hankali direba ba zai taɓa jin komai ba, shi ya sa yake rantsuwa motarsa lafiya lau. Bambancin yana ɓoye ne sai ranar da aka fi bukatar tayar. In kuma girmansu ya saɓa a ƙafafun da suke ja, ƙananan haƙoran difaranshal, waɗanda aikinsu juyawa a kwana, za su yi ta juyawa ko a miƙaƙƙiyar hanya. Na'urar birki ta ABS ma ƙidayar juyin kowace ƙafa take yi, tana iya ruɗewa ta kunna fitila a gaban direba.

A nan ne nake saɓawa da al'adar masu faci da yawa. In an sayi sababbi biyu, sukan ce a sa a gaba, wai can injin yake, can sitiyari yake. Masu ƙera taya akasin haka suke cewa: sababbi a baya. Dalili kuwa, in gaba ta zame a cikin ruwan sama, motar takan miƙe ta ƙi shan kwana, direba ya ji a hannunsa, ya ɗaga ƙafa daga totur, ta dawo. In baya ce ta zame, gindin motar ne zai wulwulo, kafin mutum ya ce kwabo ya ga yana fuskantar inda ya fito. Na farko kowane direba yana iya gyarawa, na biyu kuwa ko gwanaye yana kayar da su.

Za a ce mini, "Malam, kana magana kamar ba ka san albashin mataki na takwas ba." Na sani, kuma ban ce kowa ya sayi huɗu rana ɗaya ba. Ga mai ja da ƙafa biyu, in girman duka huɗun ɗaya ne, a sa iri ɗaya a gaba, wata iri a baya, abu ne da za a iya zama da shi. Abin da ba shi da uzuri shi ne dama da hagu su saɓa. Akwai kuma motocin da tun daga masana'anta tayoyin bayansu sun fi faɗi, kamar waɗansu BMW da Marsandi. Wannan lissafin injiniya ne, ba hujja ba ce ga mai haɗe-haɗe. Girman da ya dace yana rubuce a wata 'yar takarda da aka manna a jikin ƙofar direba, tare da awon iska. Siririyar safayar nan kuwa ta kai mutum wurin mai faci ce, ba a wuce kilomita 80 a awa da ita, kuma ba a kwana biyu a kanta.

Mai ja da ƙafa huɗu shi ne ba shi da wannan rangwame, kuma gara ya san haka tun kafin ya biya kuɗin motar. In ya riga ya saya yana shakkar abin da ke ƙarƙashinsa, gwajin ba ya cin ko sisi. Ya daidaita iskar tayoyin, ya sami shimfiɗaɗɗen wuri, ya sa alli a gindin kowace taya daidai inda ta taɓa ƙasa. Wani ya tuƙa a hankali a miƙe, shi yana ƙirga juyi goma na taya guda, sai a tsaya sa'ad da allinta ya dawo ƙasa. In sauran ukun allinsu yana ƙasa ko dab da nan, madalla. A misalinmu na CR-V, in tayar baya aka ƙirga, allin na gaba zai wuce wurinsa da santimita 70, kusan sulusin kewayen tayar, abin da ko yaron shago zai hango daga inda yake tsaye.