Sulhun Zaure Na Bukatar Takarda

Ni ɗan Kucheri ne, a ƙaramar hukumar Tsafe, kuma abin da zan faɗa a gidanmu ya faru.

Kakanmu ya rasu ya bar gona eka biyar da 'ya'ya uku: Baba, Baffa da Gwaggo. Lissafin gadon ba wuya, kashi biyar ne, maza biyu-biyu, Gwaggo ɗaya. Kafin a kai ga rabo, maƙwabcin gona ya ce mun ci masa iyaka. Mai unguwa, liman da dattawa uku suka taka har gonar bayan la'asar. Wani tsoho ya nuna kututturen aduwa da layin gamba, ya ce da shi aka dasa ta, ya faɗi shekarar da wanda ya riƙe igiya. Maƙwabci ya sunkuyar da kai. Kafin magariba an gama, ba a kashe ko sisi ba, washegari kuma sahu ɗaya suka tsaya a masallaci. Wallahi babu ofishin da zai iya wannan. Dattijo ya san ƙasar, ya san iyayen masu rigimar, kuma ana jin kunyarsa.

Sai aka dawo kan rabo. Dattawa suka ce kada a yayyanka gona, a bar wa maza su noma, a riƙa ba Gwaggo buhu biyu duk kaka. Gwaggo tana cikin gida. Saƙo aka kai mata, tare da kalmar da kowace mace a ƙauye ta haddace: "Ki yi haƙuri." Ta ce to. Me za ta ce wa liman?

Kaka uku ana kai buhunan. Daga nan liman ya rasu, biyu cikin dattawan suka koma Gusau saboda rashin tsaro, Baffa ya ce shi bai tuna an faɗi adadi ba. Ba takarda, ba shaida a kusa. A da, tsoho kan mutu a garin da aka haife shi bayan ya ba yara labari. Yau a yankinmu mutane watsewa suke yi, kuma duk sulhun da ke cikin kawunansu tare da su yake tafiya.

A nan sasanci na hukuma ya fi mu. Misali gidan sasanci da babbar kotun Kano ta buɗe a 2009, bayan na Legas na 2002. Mai shiga tsakani a can ba alƙali ba ne, ba ya yanke hukunci. Yakan saurari kowa a zama ɗaya, sannan ya keɓe da kowane ɓangare shi kaɗai, kuma abin da ka faɗa masa a keɓe ba zai kai wa abokin rigimarka ba sai ka yarda. In an daidaita, a rubuta, kowa ya sa hannu, alƙali ya amince da takardar ta zama kamar hukuncin kotu. Da an keɓe da Gwaggo minti goma, da ta faɗi abin da ta faɗa mini daga baya: ekarta take so, ɗanta ya noma.

Amma fa kar mu ruɗi kanmu. Wannan jami'in bai san kututturen aduwa ba. Sai ka biya kuɗin mota zuwa birni, a hanyar da kowa ya san halinta. In Baffa ya ƙi zuwa, ko ya zo ya ƙi sa hannu, shi ke nan, tunda sasanci ba dole. Ga kuma maganar gari: duk wadda ta kai yayanta "gaban hukuma" ta yanke zumunci, ko da ita ke da gaskiya.

Don haka ban ce a rufe zaure ba. Cewa nake a ƙara masa abin da ya rasa. Dattawa su ci gaba da taka iyaka da kiran mai taurin kai. Amma kafin a rufe magana, a faɗa wa kowane magaji kasonsa na shari'a a fili, don mutum ba ya yafe abin da bai san nasa ba ne. A tura wata dattijuwa ko malamar Islamiyya ta ji ta bakin macen ba tare da 'yan'uwanta maza a wurin ba. Sannan a rubuta: suna, iyaka, adadi, lokaci, da abin da za a yi in wani ya saɓa. Kowa ya dangwala yatsa, a ɗauki hoto a waya, a kai kwafi kotun shari'a mafi kusa.

Wa zai rubuta? Mu mana. Duk wanda ya iya cike littafin aikin horon masana'antu zai iya rubuta shafi ɗaya. Da na faɗa wa mai unguwarmu haka a hutun da ya wuce, ya yi dariya ya ce, "Yaro, ka mai da mu maƙaryata ke nan?" Na ce, "A'a Baba, tafiya da mutuwa nake jin tsoro." Ya yi shiru, can ya ce in zo da biro ranar Juma'a, za a sake zama kan maganar Gwaggo.