Dillalin da ke ɓoye la'adarsa

A kasuwa kowa ya san dillali yana da la'ada, kuma babu mai ƙin jin shawararsa saboda haka. Wanda ake gudu shi ne mai zuwa da rigar aboki alhali ya gama magana da mai kaya. Wannan rigar ce da yawa daga taurarinmu na Instagram da TikTok suke sanyawa, don tsoron kada faɗin "an biya ni" ya kashe armashin bidiyonsu. A ganina sun ɗora laifin a inda ba ya nan. Abin da ke sa talla ta yi lami shi ne karanta rubutun kamfani da yabon da babu ko ɗigon aibu a cikinsa.

Mu ɗauki mai koyar da girki da masu haɗa yaji suka biya ta. Yadda aka saba, sai ta rantse ba ta taɓa ɗanɗana irinsa ba, sannan ta cusa #ad a ƙasan dogon rubutu, inda ba a gani sai an latsa "more". Ko da ta kunna alamar "Paid partnership" ta Instagram, wadda ya kamata ta kunna, da sauran aiki. Alamar da Turanci take, kuma da zarar an sauke bidiyon an tura shi WhatsApp, inda iyayenmu mata suka fi kallo, alamar da rubutun duka sun tsaya a baya. Muryarta kaɗai ke bin bidiyon.

Don haka da bakinta za ta faɗa, da Hausa, tun kafin ta ɗora tukunya: "Masu wannan yajin sun aiko mini da kwalba uku, sun kuma biya ni in nuna muku shi. Mako biyu ke nan ina girki da shi. Ya karɓi farfesu sosai, sai dai gishirinsa ya ɗan yi yawa, ku rage na tukunya."

Jimlar farko ta sauke nauyi cikin daƙiƙa kaɗan, ba tare da neman gafara ko sauya murya ba. Ta ambaci kyautar kwalaben ma, domin kyauta ita ma lada ce. "Na gode wa kamfani kaza" kuwa ba bayani ba ne, gaisuwa ce. Maganar gishirin ita ce ta nuna wa mai kallo cewa yajin ya shiga tukunyarta da gaske, har ya yarda da yabon farfesun.

Wahalar tana wajen kamfani, don ba kowanne ke son a taɓa gishirinsa ba. Wannan magana kafin karɓar kuɗi ake yin ta: a rubuta cikin yarjejeniya cewa za ta gwada kayan na wani lokaci, ta yi bayani da kalmominta, ta faɗi abin da ta gani. Idan suka ce sai dai ta karanta nasu rubutun, to ta gaya wa masu kallo cewa saƙon kamfani ne take isarwa, ta bar rantsuwar.